Yadda Rashanci Ke Cewa "Babu", da Dalilin da Turanci Ke Ɓatar da Mai Koyo

Ɗaliban Najeriya da ke zuwa karatu Rasha sukan fara da shekarar share fage, wadda galibinta koyon harshe ne. Haka abin yake tun zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da aka buɗe jami'ar da daga baya aka sa wa sunan Patrice Lumumba a birnin Mosko a 1960. Yawancin littattafan da ɗalibinmu zai riƙa da Turanci suke bayani, don haka sai ya saba gina jimla da Turanci a ransa, sannan ya kwashe ta kalma bayan kalma zuwa Rashanci. A jimlar da ba ta da korewa dabarar takan kai shi wani wuri. Da zarar an zo cewa "ban yi ba" ko "babu", sai ta watse.

Misalan da ke tafe da baƙaƙen boko na rubuta su, kusa da yadda Rashawa ke rubutawa da nasu baƙaƙen, domin a ga ƙarshen kalmomi sosai. Harafin c kamar na "ciki" ne, p da v kuwa aro ne.

Kalmar korewa ita ce *nye*, kuma tana zama daf da gaban abin da ake korewa. *Ya nye cital knigu*, ban karanta littafin ba. Idan aka ɗauke ta aka kai gaban *ya*, wato "ni", aka ce *nye ya cital knigu*, ma'ana ta koma ba ni ne na karanta ba. Babu wani aikatau na taimako irin *do* da *did* da Turanci ke jawowa. Wannan ɓangaren ba ya ba kowa wahala.

Wahalar tana farawa da wasu kalmomi masu soma da *ni*: *nikto* na mutum, *nicevo* na abu, *nikogda* na lokaci, *nigdye* na wuri. Ƙamus zai ba ɗalibi *nobody*, *nothing*, *never* da *nowhere*, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɓoye masa sharaɗi. A Turancin makaranta, *nobody came* ta isa, kalmar farko ta ɗauki korewar duka, aikatau yana zaune lafiya lau. A Rashanci *nikto prishol* ba jimla ba ce. Dole aikatau ya sami nasa *nye*: *nikto nye prishol*. Kuma komai yawan kalmomin *ni* da aka jera, korewar guda ɗaya ce, ba sa soke juna. *Nikto nikogda nicevo nye govoril* na da alamun korewa huɗu, abin da take faɗa kawai shi ne ba wanda ya taɓa cewa komai. Turanci a nan yakan bar kalmar korewa ɗaya, ya mayar da sauran *ever* da *anything*. Mai fassara zuwa Rashanci sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su na *ni*, sannan ya ƙara *nye* ɗin da ba ta cikin jimlar asali.

Wanda ya sha bulala a firamare a kan cewa korewa biyu tabbatarwa ce zai ji abin wani iri. Wannan doka ba ta lissafin duniya ba ce, ta daidaitaccen Turanci ce. Marubutan Turancin da, irin su Chaucer, suna jera korewa biyu ko uku a jimla ɗaya, kuma har gobe haka mutane da yawa ke magana a Ingila da Amurka. Masu nahawu na ƙarni na 18, musamman Robert Lowth a littafinsa na 1762, su suka kafe dokar a makaranta.

Bahaushe kuwa ya riga ya san hanyar. Muna cewa "ban ga kowa ba", ba ma cewa "na ga ba kowa". Korewar tana kan aikatau, "kowa" na biye da ita. Rashanci ma haka: *ya nikovo nye vidyel*, inda *nikovo* ita ce *nikto* bayan ta sauya sura. Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne "kowa" tamu tana shiga jimlar da ba korewa, kamar "kowa ya zo", amma *nikto* ba ta fita daga korewa ko kaɗan.

Akwai dai inda korewa biyu ke soke juna, wato idan *nye* kanta ta zo sau biyu, ɗaya a kan kowane aikatau. *Ya nye mogu nye priyti* na nufin ba zan iya ƙin zuwa ba, wato dole in zo. Saboda haka mai karatu ya ƙirga *nye*, ya bar na *ni*.

Babban aikin yana wajen sunaye. Suna a Rashanci na sauya ƙarshensa bisa aikin da yake yi a jimla, kuma surorin shida ne. Littafi *kniga* ne idan shi ake magana a kai, *knigu* idan shi aka karanta ko aka saya. Sura ta biyu a jerin da ake koyarwa ita ce ta mallaka, wadda Rashawa ke kira *roditelniy padyezh*. Aikinta na yau da kullum irin na -n da -r ne a "littafin Audu" da "rigar Binta", sai dai a can mai abin ne ke sauyawa: *kniga Ivana*, littafin Ivan. To wannan surar ita ce kuma ake sa wa duk abin da aka ce babu shi.

Rashawa ba su cika amfani da aikatau na mallaka ba a maganar yau da kullum. "Ina da littafi" ita ce *u menya yest kniga*, a wurina akwai littafi. Korewarta *u menya nyet knigi*, a wurina babu littafi. *Yest* da *nyet* sun yi daidai da "akwai" da "babu" fiye da duk abin da Turanci zai bayar, amma a lura *kniga* ta koma *knigi*. Wannan wajibi ne, ba zaɓi. Mutum ma haka: *Ivan doma*, Ivan yana gida, *Ivana nyet doma*, babu Ivan a gida. "Babu" tamu ba ta nuna lokaci, sai mu ƙara "jiya" ko "a lokacin". Tasu tana nunawa: *nye bilo* ga abin da ya wuce, *nye budyet* ga mai zuwa. Kuma waɗannan biyun ba sa motsi, ko abin da babu namiji ne, ko mace, ko jam'i. Dalili shi ne jimlar ba ta da aikau. Abin da babu shi ya sauka daga wannan matsayi, aikatau bai da wanda zai bi.

Mu ɗauki jimla ɗaya mu bi ta daki-daki: *Nobody had any money*. Mai kwashewa kalma-kalma zai nemo aikatau *imyet*, ya rubuta *nikto imyel dyengi*, kalmomi uku kurakurai uku: ba *nye*, aikatau ɗin bai dace da wurin ba, kuɗin kuma suna surar da ba tasu ba. Gyara ba ya yiwuwa ta faci, sai an rushe.

A fara da mutum sananne, ba korewa. Ivan yana da kuɗi a lokacin: *u Ivana bili dyengi*. Kalmar kuɗi jam'i ce a Rashanci, ita ce aikau, shi ya sa aikatau ya zama *bili* na jam'i. Yanzu a kore: *u Ivana nye bilo dyeneg*. Abu biyu sun sauya lokaci guda, *bili* ta koma *bilo* mara motsi, *dyengi* ta koma *dyeneg* ta mallaka. Saura a cire Ivan a sa "ba kowa". Bayan *u* ana buƙatar *nikovo*, sai dai Rashanci ba ya yarda a ce *u nikovo*. Ƙaramar kalmar takan tsaga babbar gida biyu ta zauna a tsakiya: *ni u kovo*. Jimlar ta fito: *ni u kovo nye bilo dyeneg*. Wanda yake aikau a Turanci ya zama wuri, aikatau na mallaka ya ɓace, *any* ba ta bar ko sawu ba. Amma a faɗe ta da Hausa, "babu kuɗi a wurin kowa", a ga yadda guntayen suka hau kan juna. A ganina malamin da ke koyar da Hausawa ya fi dacewa ya bi ta nan, ya ajiye Turancin gefe.

Wurin da ko ƙwararru ke tsayawa su yi tunani shi ne karɓau, wato abin da aiki ya faɗa wa, idan an kore aikatau. A nan surori biyu na yiwuwa, kuma ma'ana na ɗan karkata. Wasiƙa ita ce *pismo*, surar mallakarta *pisma*. *Ya nye polucil pismo* ta fi nuna wata wasiƙa ce sananniya, an aiko ta, ba ta iso ba: ban sami wasiƙar ba. *Ya nye polucil pisma* ta fi karkata ga cewa ban sami wata wasiƙa ba, mai yiwuwa ma ba a rubuta ba. Rashanci ba shi da *the* da *a*, sai ya ɗora wani ɓangare na aikinsu a kan ƙarshen suna. Na ce "ta fi karkata" da gangan, domin wannan ba doka ce mai kaifi ba. A rubuce-rubucen ƙarni na 19 surar mallaka ta fi yawa bayan korewa, har a kan abubuwa sanannu, a maganar yau kuwa ɗayar surar na ta cin ƙasa. Harshen Foland, ɗan'uwan Rashanci, ya riƙe surar mallaka a wannan wuri a matsayin wajibi.

Duk da haka akwai abin kamawa. Sunan mutum da abin da ake iya nunawa da yatsa sukan zauna a surar karɓau: *ya nye vidyel Annu*, ban ga Anna ba. Abin da ba a taɓawa, irin su hankali da muhimmanci, yakan tafi surar mallaka, kuma wasu maganganu sun daskare a haka, sai a haddace su ɗungurungum: *eto nye imyeyet znaceniya*, wannan ba shi da muhimmanci, *nye obrashay vnimaniya*, kada ka kula. Idan kuma *nikakoy* ta shigo, wato "ko wane iri", surar mallaka ce ke biyo ta: *ya nye polucil nikakovo pisma*.

Ko a kan mutum zaɓin yakan dawo idan ana maganar abin da ya wuce. *Ivana nye bilo v Moskvye* magana ce daga ɓangaren wurin: an duba Mosko a wani lokaci, babu Ivan a ciki. *Ivan nye bil v Moskvye* magana ce a kan Ivan kansa, bai je Mosko ba, sau da yawa ma da nufin bai taɓa zuwa ba. Turanci na iya ba su duka *Ivan wasn't in Moscow*, don haka mai fassara dole ya koma jimlolin da ke gaba da baya ya gano ko labarin wurin ake bayarwa ko na mutumin, kafin ya zaɓi ƙarshen sunan.