Igiya da Turke: Raba Kusurwa Biyu da Tsayar da Layi a Kan Layi, Tare da Misali Daga Babura

1.0 Gabatarwa

Maginin da zai fitar da da'irar ɗakin kago yakan kafa turke, ya ɗaura igiya, ya zagaya yana zana ƙasa da tsinke. Abin da ya yi bai bambanta da aikin kamfas ɗin zane na ɗan makaranta ba. Idan kuma ya ja igiyar ta miƙe tsakanin turaku biyu, ta zame masa rula marar lambobi. Da waɗannan kayan aiki biyu kaɗai Iƙlidis, masanin Iskandariyya na wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya gina littafinsa da Larabawa suka kira Al-Usul. Wannan muƙala za ta bayyana ayyuka biyu daga kashin farko na littafin, wato raba kusurwa gida biyu da tsayar da layi a kan layi, ta kawo hujjar ingancinsu, sannan ta gwada su a kan fitar da alƙibla da sahu a garin Babura.

A nan, “ɗigo” na nufin wuri guda a ƙasa, “baka” kuma yanki ne na da'ira. “Kusurwa tsayayya” ita ce mai digiri 90, wadda magina ke kira sukwaya.

2.0 Raba Kusurwa Gida Biyu

A ɗauka layuka biyu sun tashi daga ɗigo O. Sai a kafa turke a O, a zana baka da ta yanke layukan a A da B. Daga nan a mayar da turken A a zana wata baka a cikin kusurwar, a koma B a maimaita ba tare da an canza tsawon igiya ba. Inda bakunan biyu suka gamu shi ne C. Layin da ya tashi daga O ya ratsa C shi ne ya raba kusurwar daidai wa daida.

Hujjar tana cikin alwatika biyu da aikin ya haifar, OAC da OBC. Gefen OA daidai yake da OB, domin igiya ɗaya ta auna su. AC daidai yake da BC saboda wannan dalili. OC kuwa nasu ne su biyu. Mas'ala ta 8 a littafin ta tabbatar da cewa alwatika biyu da gefunansu uku suka yi daidai, to kusurwoyinsu ma daidai suke. Kowane kafinta ya san haka a aikace: katako huɗu da aka haɗa da ƙusa suna iya karkacewa, amma uku ba sa motsi, shi ya sa ake gicciya katako a bayan ƙyaure. Saboda haka kusurwar AOC daidai take da BOC. Wannan ita ce mas'ala ta 9.

3.0 Tsayar da Layi a Kan Layi

Mas'ala ta 11 ƙanwar ta 9 ce. Miƙaƙƙen layi kusurwa ce mai digiri 180, raba ta biyu kuwa shi ne samun kusurwa tsayayya biyu. A ce ana son tsayar da layi a ɗigo P. A auna mita 3 dama da hagu, a kafa turaku A da B. A ɗauki igiya mai mita 5 a zana baka daga kowannensu, su gamu a C. Alwatika PAC da PBC sun dace gefe da gefe, don haka kusurwoyin biyu da ke P daidai suke, kuma tunda jimillarsu 180 ce, kowacce 90 ce. An zaɓi waɗannan awo ne domin a samu abin bincike: idan aikin ya yi kyau, tsakanin P da C zai zama mita 4 cif.

4.0 Misali Daga Babura

A ƙaddara za a fitar da harsashin masallaci a wani shimfiɗaɗɗen fili a Babura. Matakin farko shi ne gano arewa, ta hanyar da masana falaki Musulmi suka kira da'irar Hindiya. A kafa miƙaƙƙiyar sanda a O, a zana da'ira kewaye da ita. Da hantsi, inuwar na raguwa har kanta ya taɓa da'irar, sai a sa alama A. Bayan rana ta karkata, inuwar za ta sake tsawo ta taɓa da'irar a B. Inuwa biyu masu tsawo ɗaya na nufin rana tana bisa tsayi ɗaya a gabas da yamma, don haka layin da ya raba kusurwar AOB shi ne layin kudu da arewa. Sai dai mai aiki ya lura: a Babura, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, a sauran shekara kuma arewa.

A tsayar da layi a O, an sami gabas da yamma ke nan. Lissafin falaki ya nuna alƙiblar Babura tana wajen digiri 69 daga arewa zuwa gabas. Idan aka raba kusurwar da ke tsakanin arewa da gabas, za a sami 45. Idan aka sake raba rabin da ke bin gabas, layin zai faɗi a digiri 67 da rabi daga arewa, wato ya kauce wa alƙibla da abin da bai kai digiri 2 ba. Layin da aka tsayar a kan wannan shi ne sahu, kuma shi bangon gaba zai bi.

5.0 Inda Kuskure Ke Shiga

Hujjar duka ta rataya ne a kan kalma ɗaya, “daidai”, igiya kuwa tana miƙewa idan an ja ta. A misalin da ya gabata, idan igiyar ta ƙaru da santimita 10 a gefen A kaɗai, ɗigo C zai gusa wajen santimita 8 zuwa gefen B. Karkatar ta ɗan haura digiri 1, amma a bango mai mita 20 za ta kai kimanin santimita 40. Maganin shi ne a yi aiki da igiya ɗaya marar miƙewa, a kuma sake zana bakunan a ɗaya gefen layin: mahaɗar ta biyu da P da C dole su hau igiya guda. In ba su hau ba, a sake.

Haka nan, idan igiyar ba ta kai rabin tazarar A da B ba, bakunan ba za su gamu ba sam. Idan kuma da kaɗan ta haura rabin, za su goga wa juna a kwance, mahaɗar ta ɓace cikin kaurin zanen yashi.

6.0 Kammalawa

Wannan hanya tana da iyaka. Kowace kusurwa tana rabuwa gida biyu, huɗu ko takwas, amma a 1837 Pierre Wantzel ya tabbatar da cewa kamfas da rula ba za su raba kowace kusurwa gida uku ba, har da mai digiri 60. Adadin 69 ma lissafin doron duniya ne ya bayar da shi, igiya ta kusance shi ne kawai. A ƙarni na 10 Abul Wafa al-Buzjani ya rubuta wa masu sana'a littafi a kan irin waɗannan zane-zane, domin gwanintar hannu ta haɗu da hujja. Aikin da ya rage wa masu nazarin Hausa makamancin nasa ne: tattara kalmomin da magina da kafintoci ke amfani da su a bakin aiki, kafin a ƙirƙiro wa ɗalibai sababbi.