Tsakanin “Suna”, “Suke” da “Suka”: Yadda Ake Ɗinka Labari a Jimla Biyu

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin ɗalibai da sababbin marubuta, wai “yana” da “suna” na abin da ke faruwa yanzu ne kaɗai, don haka in abu ya wuce dole a jingina musu “kasance”. Daga nan ne ake samun jimloli irin wannan a labaran rediyo da shafukan jarida: “Jiya mata sun kasance suna daka a tsakar gida, hadari ya taso, sun kwashe hatsi.” Babu tsohuwar da za ta ba jikanta labari haka. Abin haushi shi ne masu rubuta wannan jimla, da bakinsu ba sa yin kuskuren. Sai sun ɗauki alƙalami Hausar take kufce musu.

Ga yadda Bahaushe zai faɗa: “Jiya da la'asar mata suna daka a tsakar gida. Sai hadari ya taso, suka kwashe hatsi, suka shige ɗaki.”

A littattafan nahawu na makaranta, “suna” lokaci mai ci na ɗaya ne, “suke” na biyu; “sun” shuɗaɗɗe na ɗaya, “suka” na biyu. Sunayen ba su ne matsalar ba, aikin kowanne shi ne abin dubawa.

“Suna” ba ta san jiya ba, ba ta san gobe ba. Abin da take faɗa kawai shi ne aikin yana gudana, bai kai ƙarshe ba. Lokacin kuwa daga wata kalma yake fitowa, ko daga labarin kansa. Shi ya sa ake cewa “bara war haka muna Zariya muna karatu”, a kuma ce “gobe war haka muna hanya”, kuma babu wanda ya taɓa rikicewa. A misalin matan nan, kalmar “jiya” ta riga ta gama aikin mayar da mai sauraro baya. Ƙara “sun kasance” a kai nauyi ne na banza, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin fassarar labarai ya san daga inda yake shigowa: Turanci yana sauya siffar aikatau don nuna abu ya wuce, sai mai fassara ya ji kamar ya bar wani abu a baya in bai nemo masa madadi ba. “Kasance” tana da gurbinta, musamman in ana maganar halin da aka daɗe a ciki, kamar a ce mutanen gari sun kasance masu noman auduga. Amma dakan la'asar ɗaya bai kai a kira ta ba.

Ko da babu “jiya” ma, jimla ta biyu ta isa. Da zarar an ji “suka kwashe”, an san labari ake bayarwa, kuma dakan da ke jimlar farko ya bi shi ya koma baya.

A nan ne kuskure na biyu yake. Jimlar farko shimfiɗa ce, ta biyu ita ce ke tafiya da labari, kuma abin da ke tafiya da labari a Hausa shi ne jerin “aka, muka, kuka, suka”. “Sun kwashe hatsi” rahoto ne: mutum ya leƙa tsakar gida ya ga babu komai a tabarma, ya dawo ya sanar. “Suka kwashe” kuwa mataki ne a cikin jerin abubuwan da suka biyo juna, wannan ya faru, sannan wancan. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, da Philip Jaggar a nasa na 2001, duk sun tsaya a kan wannan aiki na “suka” a cikin labari. Kalmar “sai” tana fito da bambancin fili. “Sai suka zo” na nufin sun zo ɗin, labari ya ci gaba. “Sai sun zo” na nufin ba su zo ba tukuna, ana jira. “Sai su zo” kuma ko dai umarni ne ko al'ada. Harafi ɗaya ko biyu ne tsakaninsu, amma marubucin da ya musanya su ya sauya labarin gaba ɗaya.

To ina “suke”? Ba a buɗe labari da ita haka kawai. “Mata suke daka” ba shimfiɗa ba ce, gardama ce, kamar wani ya ce maza ne. “Suke” tana shigowa ne in an ɗaga wani sashe na jimla an kawo shi gaba don a jaddada shi, ko an yi tambaya da wa, me, ina, yaushe, ko kuma bayan “da” mai bayanin suna. A ce “a tsakar gida suke daka”, “me suke dakawa?”, “matan da suke daka”. Haka in aka haɗe jimlolin biyu da “lokacin da”, galibi “suna” takan sauka: “Lokacin da suke daka ne hadari ya taso.” 

Wahalar gaske tana wajen mutum ɗaya. A rubutu, “ya” ta rahoto da “ya” ta labari iri ɗaya ne, haka “ta”, “na” da “ka”. A baki sun bambanta, ta rahoto doguwa ce, ta labari gajeriya, amma boko ba ya nuna tsawon wasali. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce marubuci ya mayar da jimlar jam'i a zuciyarsa. “Audu yana barci. Sai ɓarawo ya shigo ya ɗauke keke.” A mayar da ɓarawon ɓarayi: “sai ɓarayi suka shigo suka ɗauke keke.” Tunda “suka” ce ta fito, “ya” ɗin gajeriya ce, kuma duk aikatau da zai biyo baya a jerin sai ya bi wannan layi. Mai karanta labarai a rediyo ya fi kowa buƙatar wannan gwaji, domin shi ne zai ja wasalin ko ya taƙaita shi a kunnen jama'a.

Sannan a kula da “suna … sai” in aikatau na farko na nan take ne. “Suna shiga ɗaki sai ruwa ya kece” ba ya nufin sun daɗe a bakin ƙofa. Yana nufin shigarsu ke da wuya. A korewa kuwa babu zaɓi: “ba su kwashe ba” ta tsaya wa “sun” da “suka”, “ba sa daka” ta tsaya wa “suna” da “suke”.

Edita kuma ya yi hattara kafin ya ja jan biro a kan rubutun mutumin Sakkwato ko na Tawa a Nijar. A karin harshen yamma, “suka kwashe” ita ce “sunka kwashe”, “aka” ita ce “anka”, sannan “suka” tasu tana yin aikin “suke” ta Kano. In Basakkwace ya ce “mi suka yi?”, yana tambayar abin da ake cikin yi ne, in aikin ya wuce, “mi sunka yi?” zai ce.