Lakca goma sha biyu da sabis mai ɗaukewa

Duk wanda ke karatu daga nesa a garin da ƙarfen sabis ɗaya ne tal ya san cewa samun lakcar ma wani aiki ne daban, kafin a zo ga fahimtarta. Malami zai ɗora bidiyo a shafin makaranta, ya ce kowa ya kalla kafin mako mai zuwa. Ɗalibin da ke Kano ko Abuja zai danna ya kalla nan take. Wanda ke ƙaramin gari kuwa sai ya zuba wa da'irar nan ido tana juyawa a tsakiyar fuskar waya, bidiyon ya yi daƙiƙa biyar ya tsaya, data tana ta zurarewa ba a ji ko jimla ɗaya cikakkiya ba.

Akwai wani saurayi da na sani a irin wannan gari, yana sayar da kayan masarufi a shagon yayansa da rana, yana kuma karatun lissafin kuɗi ta hanyar karatu daga nesa. A wani zango aka ɗora musu lakca goma sha biyu, kowacce kusan awa ɗaya. Ya sauke su duka cikin 'yan darare, da wayar da ba ta da tsada. Mutanen unguwa suna cewa haƙuri gare shi, kuma gaskiya ne, amma na ga masu haƙurin da suka fi shi sun ƙone data sun tashi a tutar babu. Abin da ya bambanta shi da su shi ne, kafin ya danna komai sai ya yi lissafi.

Lissafin farko na girman fayil ne. Shafin ya ba shi zaɓi biyu a kan kowace lakca: mai `720p`, nauyinta wajen megabait 600, da mai `360p`, wajen megabait 180. Waɗannan lambobi suna nuna yawan layukan ɗigo-ɗigon da suka haɗa hoton daga sama zuwa ƙasa. Yawansu shi ne kyan hoton, shi ne kuma nauyinsa. Idan ya ɗauki babbar, lakca goma sha biyu za su ci masa fiye da gigabait 7. Idan ya ɗauki ƙaramar, gigabait 2 ne da ɗan ɗori. Sautin malami bai canza ba a tsakaninsu. Abin da ake iya rasawa shi ne ƙananan rubutu a kan allo, don haka ya fara sauke guda ɗaya ƙarama ya duba: shin ana iya karanta alƙaluman da ke cikin jadawalin? A yawancinsu ana iya karantawa, domin malamin manyan haruffa ya yi amfani da su. Guda biyu ne kawai, inda ake nuna shafin kundin lissafi mai layuka da yawa, rubutun ya dusashe har ba a bambanta 3 da 8. Waɗannan biyun ya sauke su a babban girma. Wannan shi ne hukuncin da ya dace, a ganina: ba a sayen kyan fuskar malami da kuɗin data, rubutun allo ake saye.

Lissafi na biyu na gudu ne, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Kamfanoni da manhajojin gwada sabis suna bayyana gudu da megabit a daƙiƙa, `Mbps`, amma girman fayil da megabait ake auna shi, `MB`. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Saboda haka idan gwaji ya nuna `2 Mbps`, abin da ke shigowa wayar a zahiri kilobait 250 ne a daƙiƙa. Da rana tsaka a shagon, wayar saurayin tana nuna masa wajen `25 KB/s`. Ya raba 180,000 da 25, ya samu daƙiƙa 7,200, wato awa biyu cur don lakca ɗaya ƙarama, in sabis bai yanke ba. Babbar kuwa awa shida da minti arba'in. Bayan ƙarfe ɗaya na dare, a waya ɗaya kuma a gari ɗaya, gudun yakan kai `250 KB/s`, ƙaramar ta sauka cikin minti goma sha biyu.

Me ya kawo wannan bambanci, alhali layukan sabis da ke saman waya a cike suke dare da rana? Layukan nan ƙarfin siginar da ke tsakanin waya da ƙarfen sabis kawai suke nunawa, ba sa faɗin mutum nawa ke kan ƙarfen. Ƙarfe ɗaya yana da iyakar abin da zai iya bayarwa, kuma duk masu waya a yankin rabawa suke yi, kamar famfon unguwa ne da safe: ruwan yana zuwa, amma bokitai sun yi yawa. Ranar kasuwar garin, da baƙi suka cika ko'ina, ko saƙon rubutu da ƙyar yake tafiya. Da dare ya raba, mutane sun kwanta, sai ƙarfen ya rage wa 'yan kaɗan. Shi ya sa kamfanonin sadarwa ke sayar da datar dare da araha, galibi daga wajen tsakar dare zuwa asuba. Kowane kamfani da sa'o'insa da kuma iyakar abin da zai sayar wa layi ɗaya a dare guda, kuma suna canza su, don haka sai an duba kafin a saya. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan rahusa ta dare ta ƙara daraja a wurin ɗalibi.

Amma akwai lokacin da matsalar ta sigina ce da gaske, kuma harafin da ke kusa da layukan shi ke faɗa. Idan `E` ne, waya ta faɗa tsohon tsarin 2G, wanda ko ba kowa a kansa ba zai ba da gudun kirki ba. `H` ko `H+` 3G ne, `4G` ko `LTE` ya fi su. A cikin ɗakinsa mai rufin kwano da katangar siminti, wayar tana tsalle tsakanin `E` da `H+`, kuma duk tsallen da ta yi saukewar sai ta tsaya. Ya zagaya gidan yana kallon harafin har ya gano cewa a kan katangar bayan gida, ɓangaren da ke fuskantar ƙarfen, `4G` yana zama daram. Nan ya kafa ƙusa ya rataya wata tsohuwar jakar leda, yana saka wayar a ciki tare da fawa bank ɗin da ya kai caji wurin mai sola tun da yamma. Wani dare mahaifinsa ya fito alwala ya tarar da shi tsaye a gindin katangar da tocila.

"Kai kuma lafiya a tsakar daren nan?"

"Lafiya lau, Baba. Karatu nake saukewa, saura kaɗan."

"To, Allah ya taimaka. Ka dai rufa jikinka, akwai sanyi."

Abin da ya fi cin datar ɗalibai shi ne yankewa a tsakiya. Fayil ya kai kashi 80 cikin ɗari, sabis ya ɗauke na minti ɗaya, saukewar ta mutu, a sake farawa daga sifiri. Megabait ɗin da aka kashe sun tafi kenan. Maganinsa shi ne saukewar da ke iya ci gaba daga inda ta tsaya. Yadda abin yake shi ne, waya takan gaya wa kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin cewa ta riga ta karɓi kaza, a ba ta ragowar. Sai ɓangarorin biyu sun yarda da wannan tsari yake aiki. Manhajojin saukewa irin su ADM da 1DM an gina su ne don haka, suna kuma sake gwadawa da kansu idan sabis ya dawo. Gwajin da saurayin ke yi mai sauƙi ne: ya bar fayil ya kai megabait biyu ko uku, ya dakatar da shi da gangan, ya sake kunnawa. Idan ya ɗora daga uku, ya samu kwanciyar hankali. Idan ya koma sifiri, ya san wannan fayil ba na wasa ba ne, sai a tsakiyar dare lokacin da sabis ya fi zama. Wasu shafukan kuma mahaɗin saukewarsu yana mutuwa bayan 'yan sa'o'i, don haka wanda ya dakatar yau ya dawo gobe zai ga an ƙi shi. A irin wannan sai a koma shafin a ɗauko sabon mahaɗi, kuma waɗannan manhajoji suna da hanyar ɗora shi a kan tsohon fayil ba tare da an zubar da abin da aka tara ba.

Guda-guda yake saukewa. Jera biyar a lokaci ɗaya ba ya ƙara gudu, raba ɗan abin da ake da shi kawai yake yi, kuma in asuba ta yi sai a wayi gari da rabi-rabi guda biyar maimakon cikakku biyu. Kafin ya fara yakan kashe sabunta manhajoji da saukar hotuna da bidiyon WhatsApp na kai tsaye, ya kuma cire manhajar saukewar daga tsarin tattalin batir, domin wayoyi da yawa suna kashe aikin da ke gudana da zarar fuskarsu ta yi duhu.

Da fayil ya nuna ya kammala, bai yarda da shi ba sai ya gwada. Yakan kwatanta girmansa da wanda shafin ya faɗa, sannan ya buɗe shi ya ja zuwa mintunan ƙarshe. Guntun fayil ko dai ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya, ko ya tsaya cak a tsakiya. Sau ɗaya lakcoci uku da suka sauka lafiya suka lalace bayan ya mayar da su kan memorin da ya saya da araha a kasuwa. An rubuta 64GB a jikinsa, wayar ma haka ta nuna, amma ainihin cikinsa bai kai haka ba. Alamar jabun memori kenan: fayilolin farko suna aiki, da an wuce ainihin girmansa sai a ga suna da girman fayil suna nan amma ba ya buɗuwa. Tun daga nan ba ya goge na kan waya sai ya kalli na kan memorin.

A garin akwai wasu 'yan ajinsa uku, kuma a zangon da ya biyo baya suka raba aikin: kowa ya sauke lakca uku, su haɗu a shagon bayan la'asar su tura wa juna ta Xender, wadda ke haɗa waya da waya kai tsaye ba tare da cin data ba. Kuɗin kowa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan yana yiwuwa ne kawai da fayil ɗin da ya sauka a matsayin bidiyo na gaske, irin mai `.mp4` a ƙarshen sunansa. Abin da aka ajiye a cikin manhajar YouTube ko Coursera yana kulle a cikinta, ba ya turuwa, kuma na YouTube yana bukatar a riƙa haɗa wayar da intanet lokaci zuwa lokaci kafin ya ci gaba da buɗuwa. Rabawar tasu ba ta da illa, tunda dukansu ɗaliban kwas ɗin ne. Haka ma darussan MIT OpenCourseWare, waɗanda aka sake su kyauta da izinin rabawa muddin ba sayarwa za a yi ba. Kwas na kuɗi da mutum ɗaya ya biya kuwa, haƙƙin mai shi yana kansa.

Akwai abin da ya rage a wuyan malamai, kuma ba shi da wahala. Sautin lakcar awa ɗaya zalla, a ingancin da ya ishi magana, bai wuce wajen megabait 30 ba, kuma shafukan allon a `PDF` 'yan megabait ne. Malamin da ya ɗora waɗannan biyun kusa da bidiyon, ya kuma yanka lakcar gida huɗu na minti goma sha biyar-biyar ya rubuta girman kowanne, ya ba ɗalibin da ke kan `25 KB/s` damar sauke sautin duka cikin minti ashirin da rana tsaka, yana zaune a shago.