Gyaran Littafi da Talgen Fulawa

'Yan'uwana mata, ran nan na je Kiyako, a ƙasar Birnin Kudu, gaishe da gwaggota. Na tarar da jikarta, wata 'yar makaranta, tana kuka. Da na tambaya, ashe littafin Magana Jari Ce ne na marigayi kakanta ya faɗi a hannunta, bangon ya rabu da jikinsa, warƙa biyu kuma suka yage. Littafin nan na Alhaji Abubakar Imam tun 1937 aka fara buga shi, har yau kuwa ana samunsa a kasuwa, amma wannan yana ɗauke da sunan tsohon da rubutun hannunsa. Har ta ɗauko salatif za ta manna, na ce, "Tsaya, 'yata!"

Ku sani salatif mugun magani ne. Bayan 'yan shekaru sai ya yi ja ya ɓamɓare, ya bar tabon da ba ya fita. Abin da muke bukata yana nan cikin gida: garin fulawa, da allura da zare, da ƙyallen akoko wankakke, da farar takarda marar kauri, da leda, da gashin kaza ɗaya.

Da fari sai a dama talge. A zuba cokali ɗaya na fulawa cikin cokali biyar na ruwan sanyi, a dama har gudaji su mutu. A ɗora a kan wuta kaɗan ana juyawa kamar minti goma, sai ya yi kauri yana sheƙi. A sauke, a tace da ƙyalle, a bari ya huce sarai. Kada a dama da yawa, gama kwana biyu ko uku yake yi ya yi tsami.

Muka fara da yagaggun warƙoƙin. Na sa leda a ƙarƙashin warƙar, na haɗa bakin yagar a hankali har baƙaƙen suka koma daidai. Sa'an nan na yago siririyar takarda, faɗinta kamar na ɗan yatsa. Ku lura, yagowa na yi, ban yanka da almakashi ba, domin yagaggen baki yana kwanciya lumui, yankakke kuwa kaifi gare shi, nan gaba daga gefensa warƙar za ta sake tsagewa. Na shafa talge kaɗan da gashin kaza a jikin siririyar takardar, na ɗora a gefen da rubutu bai yi yawa ba, na rufe da wata leda, na danne. In kin ga warƙa ta yi kumburi ko ta tattare, to, talgen ya yi ruwa ko ya yi yawa.

Sai gadon bayan littafin. In kin duba za ki ga warƙoƙin ninke suke kashi-kashi, kowane kashi an ɗinke shi ta tsakiya. Kashi ɗaya ya kwance mana. Muka buɗe tsakiyarsa, muka bi tsofaffin hujin da allura, muka ɗaure zaren da na kashin da ke maƙwabtaka da shi. Kada a ja zare da ƙarfi, sai ya yanke takarda.

Daga nan muka kankare busasshen gam na da, muka yanko akoko wanda tsawonsa ya kusa na littafin, faɗinsa kuma ya zarce gadon bayan da yatsa biyu kowane gefe. Muka manna tsakiyarsa a gadon bayan, muka jira ya bushe. Kana muka manna fikafikan nan biyu a cikin bangon gaba da na baya, muka rufe kowanne da farar takarda. Muka sa leda tsakanin bango da warƙar fari, muka rufe littafin, muka ɗora masa dutsen guga marar wuta har kwana biyu. Kada a shanya a rana, bangon zai lanƙwashe. Da damina kuwa a ƙara kwana, a riƙa canja ledar da busasshiyar takarda, don gudun fumfuna.

Gargaɗi biyu. Talge abincin kyankyaso ne da gara, saboda haka a shafa kaɗan, a ajiye littafin a sama, nesa da bangon ɗaki. Na biyu, littafin da aka rubuta da tawadar allo, irin wanda ake ajiyewa warƙa-warƙa cikin gafaka, kada ki kusance shi da talge, tawadar za ta narke. Wannan sai a kai wa masana.

Ran da zan komo gida, yarinyar ta buɗe littafin ta karanta wa kakarta labari ɗaya, ba warƙar da ta motsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.