Security+ ko CEH: da wace jarrabawa za a fara?

Matashin da ke son aikin tsaron kwamfuta ya fara duba tallan aikin kafin ya taɓa aljihunsa. Idan aikin na zama ne ana lura da ƙararrawar kutse a ma'aikata, Security+ ta CompTIA ce ta fi dacewa. Tambayoyinta ba sa wuce 90 cikin minti 90, kuma ana ci da maki 750 cikin 900. Tarkon yana farkon jarrabawar, inda ake ba ka aiki a aikace, kamar gyara dokokin katangar tsaro. Wanda ya ɓata minti 30 a nan, saura za su tsere masa. Gara ya tsallake su, ya dawo daga baya.

CEH kuwa sunanta na jan hankali, amma tambayoyi 125 ne na zaɓi cikin awa 4, kuɗinta kuma ya ninka na Security+ fiye da sau biyu. A ganina, mai farawa ya dakata da ita tukuna. Kuma a sa kuɗin sabuntawa cikin lissafi, domin takardar Security+ shekara 3 take yi.