Yaushe Ake Ajiye Jan Biro?

Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri yakan sha gyara iri uku daga malamin da ke duba aikinsa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai gyaran da ya taɓa ƙashin bayan aiki: sakamakon babi na huɗu bai amsa tambayar da aka yi a babi na ɗaya ba, ko adadin da ke cikin jadawali ya saɓa wa na cikin bayani. Akwai na fayyace jimlar da ke ɗaukar ma'ana biyu. Sai kuma na ɗanɗano, inda malam ya fi son "sai dai" a gurbin "amma".

A ce kundin shafi 60 ne. A zagayen farko malam ya ce a sake babi na huɗu, a daidaita jadawali biyu. A na biyu ya ja layi a ƙarƙashin jimloli goma masu duhu. A na uku abin da ya rage waƙafi ne da musayar kalmomi. A ganina, aikin ya nuna tun ƙarshen zagaye na biyu. Ga yadda ake ganewa: a ɗauki kowane gyara a tambaya, in aka bar wurin yadda yake, mai karatu zai fahimci abin da ba shi ake nufi ba? In an bi su duka amsar "a'a" ce, ci gaba da gyara ba zai ƙara wa mai karatu komai ba.

Alama mafi ƙarfi ita ce gyara ya fara komawa baya. Mai aiki da Word zai iya gani da idonsa: a ƙarƙashin Review akwai Compare, wanda ke jera tsohon kwafi da sabo. In jimlar da aka sauya jiya ta dawo yadda take shekaranjiya, zagaye kawai ake yi.

Gyaran ƙarshe kuma yana da haɗarin da mutane ke rainawa. Ka cire sakin layi ɗaya a shafi na 12, shafukan da ke bayansa su motsa, lambobin da ke shafin ƙumshiya su daina dacewa, sunan marubucin da ka ambata a wurin kaɗai ya rage a jerin manazarta. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Saboda haka, da zarar gyaran ma'ana ya ƙare, a rufe ƙofar sauya jimla. Karatu ɗaya ya rage, na farautar kuskure zalla, kuma ya fi kyau a buga a takarda a karanta da babbar murya. A rubutun Hausa nan ne ake kama "kasa" da ya kamata ya zama "ƙasa", da "shine" da ya kamata a raba. In an ga adadi ko suna ba daidai ba, a gyara ko da ana bakin ƙofar mai ɗaure littafi, sannan a sake duba shafin da aka taɓa da lambobin ƙumshiya kafin a miƙa.