Mita Mai Kati: Yadda Kuɗi Ke Rikiɗa Ya Zama Yunit

Sau da yawa magidanci kan sayi wutar lantarki, ya danna lambobi 20 ɗin da aka ba shi a jikin mita, sa'annan ya ga abin da ya shiga bai kai yadda ya zata ba. Nan take sai ya ce mita ta cuce shi. To amma kafin mu yanke mata hukunci, ya kamata mu san abin da take aunawa, da kuma inda ake yin lissafin.

Mita ba ta san naira ba. Mudunta shi ne yunit, wanda ake rubutawa kWh a fuskarta. Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 za ta sha cikin awa ɗaya. Ke nan ƙwan lantarki mai wat 100 sai ya yi awa goma a kunne kafin ya cinye yunit guda.

Shi kuwa lissafin kuɗi, a kwamfutar kamfanin rarraba wuta ake yin sa. Ita ce ke duba farashin da aka yanka wa mai saye, ta cire abin cirewa, ta mayar da saura yunit. Daga nan sai ta ƙulle adadin cikin lambobin nan 20 da ake kira tokin, bisa wani tsari mai suna STS da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu. Kowace mita tana da mabuɗinta na sirri, shi ya sa tokin wani gida ba ya shiga mitar wani. Aikin mita kawai ta kwance ƙullin, ta ƙara abin da ta tarar a kan ragowar da ke cikinta.

Bari mu ɗauki misali. A Nijeriya, tun shekarar 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga A zuwa E, gwargwadon awoyin da aka alkawarta masu. 'Yan rukunin A, masu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, su suka fi biya. A watan Yuli na 2024 an sayar masu da yunit ɗaya a kan naira 209.50. Mu ƙaddara Malam ya biya naira 10,000 a lokacin. A lissafinsa, in ya raba 10,000 da 209.50, zai sami yunit 47.7.

Sai dai a cikin kuɗin nasa akwai harajin VAT, wanda ya zama kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020. Kwamfuta za ta fara raba 10,000 da 1.075, a sami naira 9,302. Wato kusan naira 698 ta tafi haraji. In aka raba 9,302 da 209.50, abin da zai fito shi ne yunit 44.4. Yunit uku da 'yan kai sun ragu, alhali mita ba ta taɓa komai ba.

Abu na biyu shi ne bashi. Idan gidan yana da tsohon bashi tun zamanin bil, ko kuwa sabuwar mita ce da ta zo da 'yan yunit a cikinta, kamfani kan zare nasa daga kuɗin saye. A ce an zare wa Malam naira 2,000. Saura 8,000, wadda bayan haraji za ta koma 7,442, ta ba da yunit 35.5 kacal.

Na uku, sauyin farashi. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225, fiye da ninki uku na da, kafin a ɗan sassauta daga baya. Duk unguwar da aka mayar wannan rukuni, kuɗin da ya saba kai ta wata sai ya gaza kai ta mako biyu. Mudun bai ƙanƙance ba, hatsin ne ya yi tsada.

Yaya mutum zai gane inda gizo ke saƙa? Ya fara da rasit: ya duba rukuninsa, da farashi, da haraji, da abin da aka zare na bashi, ya maimaita lissafin da kansa. Ya kuma rubuta ragowar mita kafin ya sa tokin da bayan ya sa. Bambancin ya kamata ya yi daidai da na rasit.

Idan shigar ta yi daidai amma yunit na saurin ƙarewa, sai a duba kayan gida. Hita mai wat 1,500 da ake kunnawa awa biyu kullum tana shan yunit uku, ita kaɗai za ta cinye 44.4 ɗin Malam cikin kwana goma sha biyar. Daga ƙarshe, a kashe kowace na'ura a gidan, a zura wa 'yar jar fitilar mita ido. Ƙiftawarta alama ce ta wucewar wuta. Muddin ta ci gaba da ƙiftawa, to ko dai wata waya na yoyo, ko wani ya jona layinsa a naka. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, kada kowa ya buɗe mita da kansa.